Kalmar Aro a Fassarar Labari: 'Yar Gida da Baƙuwa

*Malam, wata huɗu ke nan da na fara fassara labarai, galibi daga Turanci, wani lokaci daga Larabci. Idan na bar kalmar Turanci edita ya ce na yi lalaci, idan na ɗauko ta Larabci ya ce na koma wa'azi. Ta yaya zan gane wadda zan bari da wadda zan sauya, labari ya fito kamar da Hausa aka rubuta shi tun farko?*

Ɗan'uwa, editanka yana da gaskiya a duka biyun, amma ina ganin bai nuna maka ma'aunin da yake aunawa da shi ba. Asalin kalma ba ya cikin ma'aunin nan. Dubi wannan jimla: "Alƙalin kotun ya ba lauyan gwamnati lokaci ya kawo hujja." Alƙali, lokaci da hujja daga Larabci suke, kotu, lauya da gwamnati daga Turanci, kuma babu Bahaushen da zai ji wani abu ya tsaya masa a kunne. Abin da za ka tambayi kanka a kan kowace kalma shi ne: ta riga ta yi kaka-gida a Hausa ko tana bakin ƙofa? Idan kuma ta shigo, da wace ma'ana ta zauna?

Tambaya ta farko tana da gwaji mai sauƙi da nake yi a zuci kafin in rubuta. Ina ɗaukar kalmar in nemi jam'inta, in laƙaba mata harafin mallaka, in saka ta a jimla in ji ko "ya" take ɗauka ko "ta". Minista tana ba ka ministoci, kwamiti kwamitoci, banki bankuna, kamfani kamfanoni, lauya lauyoyi. Ka lura da yadda "t" ta koma "c" a ministoci da kwamitoci, daidai da yadda take yi a mota da motoci. Kalmar da ta bi wannan ƙa'ida ba tare da an tilasta mata ba, ta gama zama Hausa, kuma ɓata lokaci ne ka tsaya nema mata madadi. Yanzu gwada "bajet". Mene ne jam'inta? Bajetoci? Bakinka da kansa zai ƙi. Gwada "sabsidi" ko "difisit". Za ka ji 'yan boko suna faɗinsu a hira, amma ba su da jam'i, ba su haifi wata kalma ba, kuma wanda bai yi makarantar boko ba bai san su ba. Waɗannan baƙi ne, kuma kowannensu yana da ɗan gida da ke yin aikinsa.

Wajen jinsi akwai abin da ke tona asirin sabon mai fassara. Gwamnati da kotu ba su ƙare da "a" ba, amma mata ne: gwamnati ta ce, kotu ta yanke hukunci. Sai dai harafin mallakarsu "n" ne, gwamnatin tarayya, kotun ƙoli, domin "r" ta fi zama a kan sunan mace mai ƙarewa da "a". Banki da kwamiti da asibiti kuwa maza ne. Wanda ya rubuta "kotun ya ɗage zama" ya ɓata jimlar fiye da wanda ya bar baƙuwar kalma a ciki.

Bari mu ɗauki labari guda mu bi shi daki-daki, irin wanda zai zo maka kusan kowane mako. A ce wani kamfanin dillancin labarai ya aiko da rahoto daga wata ƙasa: ministan kuɗi ya kai wa majalisa tsarin kuɗin da gwamnati za ta samu da wanda za ta kashe a baɗi, kuɗin da za a kashe ya fi wanda za a samu, za a ci bashin dala biliyan 2 da ruwan kashi 5 cikin 100, za a daina biyan kuɗin da ke rage wa jama'a tsadar fetur, kuma 'yan majalisar da ba sa tare da gwamnati sun ce za su je kotu. Idan rahoton da Turanci ya zo, ga irin daftarin da nake yawan gani a hannun masu koyo:

"Ministan kuɗi ya gabatar da bajet na shekara mai zuwa a majalisa, inda ya ce akwai difisit, kuma gwamnati za ta ɗauki lon na dala biliyan 2 da intares na kashi 5, sannan za ta cire sabsidi na fetur."

Kalmomin Turanci da suka cancanci zama a nan su ne minista, gwamnati, dala, biliyan da fetur. Sauran biyar ɗin duk suna da magada. Bajet kasafin kuɗi ne, kuma kasafi tsohuwar kalma ce ta rarraba abu kashi-kashi. Difisit giɓi ne, hoton da kowa ya sani daga haƙori ko katanga. Lon bashi ne ko rance, kuma Bahaushe cin bashi yake yi ko karɓar rance. "Ɗaukar lon" ya ɗauko har aikatau ɗin daga Turanci, wannan kuwa shi ne aron da ya fi ɓoyuwa, domin kalmar ɗauka Hausa ce amma tsarin ba nata ba ne. Intares kuɗin ruwa ne. Sabsidi tallafi ne. Ka kuma lura da "na" da ta yi ta maimaituwa: bajet na, lon na, intares na. Duk inda ka ga kana jingina da "na" ko "ta" domin kalmar ta ƙi karɓar "n" ko "r" a jikinta, alama ce cewa baƙuwa ka ajiye a wurin.

Wannan ɓangaren shi ne mai sauƙi, domin baƙuwar kalmar Turanci tana nuna kanta. Larabci ya fi wuya, kuma a nan nake so in daɗe.

Hausa ta yi ƙarnuka tana aro daga Larabci ta hanyar karatu da shari'a da fatauci, har wasu kalmomin suka narke, ba mai jin Larabci a cikinsu. A halin nan kuwa Larabcin jarida na yau ya ɗauki waɗannan kalmomi ya ba su ayyukan zamani da Hausa ba ta ba su ba. Sai ka ga kalma a rahoton Larabci, ka san ta tun kana makarantar allo, hannunka ya rubuta ta kafin hankalinka ya tsaya. Ga labarinmu idan ya bi ta wannan hanya:

"Wazirin kuɗi ya gabatar da mizanin shekara ga na'ibai, ya ce hukuma za ta karɓi bashin dala miliyar 2 da fa'idar kashi 5."

Kusan kowace kalma a nan Bahaushe ya san ta, kuma kusan kowace ta kauce. Wazir a Larabcin yau shi ne minista, amma waziri a Hausa sarauta ce ta fada, mai sauraro zai hango rawani. Mizaniyya kasafin kuɗi ce, mizani kuwa a wurinmu abin awo ne. Na'ib ɗan majalisa ne a can, a nan na'ibi shi ne mai tsaya wa liman idan ba ya nan. Majalisar da Larabawa ke kira ta nuwwab ita ce majalisar wakilai, wadda suke kira ta shuyuk kuma majalisar dattawa ce, ba ruwanta da shehunnai. Hukuma a Larabci ita ce gwamnati ɗungurungum, amma a Hausar labarai hukuma ta fi nufin wani reshe mai iko a kan abu guda, kamar hukumar zaɓe ko hukumar kwastan, ko kuma mahukunta a dunƙule. Idan ka ce "hukuma ta yi murabus" mai sauraro zai jira ka faɗi wace hukuma. Miliyar kuwa za ka ji ta a Hausar Nijar saboda Faransanci ma haka yake cewa, amma mai karatu a Najeriya biliyan ya sani, kuma yana iya ɗaukar miliyar a matsayin kuskuren rubuta miliyan. Tsakanin biyun akwai ninki 1,000.

Fa'ida ce ta fi kowace haɗari. A Larabcin banki ita ce kuɗin ruwa. A Hausa amfani ce, abin alheri. "Bashi mai fa'idar kashi 5" zai sa mutum ya ɗauka ƙasar ce za ta ci moriya, alhali ita za ta biya. Wani mai fassara da ya gane wannan sai ya gudu zuwa "riba", ya faɗa rami na biyu. Muna da riba iri biyu: ta ciniki, wadda ɗan kasuwa ke nema, da wadda addini ya haramta. A baki ana bambanta su da tsawon wasali da karin sauti, amma a rubutun boko harufansu ɗaya ne. Mai karanta labari a rediyo yana iya furta wadda ba ka nufa ba. Ko ya furta daidai, idan ta haramcin ce, ka yanke hukuncin addini a cikin labarin da aikinsa ba da rahoto ne kawai. Kuɗin ruwa ba ya ɗauke da wannan nauyi, shi ya sa ɗakunan labarai suka tsaya a kansa.

Ga yadda zan miƙa labarin:

"Ministan kuɗin ƙasar ya gabatar wa majalisar wakilai kasafin kuɗin baɗi, wanda ke da giɓi. Ya ce gwamnati za ta ci bashin dala biliyan 2 domin cike giɓin, da kuɗin ruwa na kashi 5 cikin 100, kuma za ta janye tallafin man fetur. 'Yan adawa a majalisar sun ce za su garzaya kotu."

Ƙirga aron da ke ciki: minista, gwamnati, dala, biliyan, fetur, kotu daga Turanci, majalisa, wakilai, adawa daga Larabci. Tara ke nan a jimla uku, amma ba wadda ta yi bambarakwai. Adawa ma abin lura ce. A Larabci ƙiyayya ce tsantsa, kuma ba ita suke amfani da ita wajen jam'iyyun da ba sa mulki ba. Hausa ce ta sassauta ta har ta zama sunan halastaccen matsayi a siyasa. Wato sauyin ma'ana yana tafiya ta ɓangarori biyu, kuma ma'anar da Hausa ta ba kalma ita ce mai iko a rubutunka, ko da malamin Larabci zai ce ba haka take a asali ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa irin wannan a farkon aikina. Rahoto ya zo cewa ɓangarori biyu sun sa hannu a kan wasiƙa, na rubuta wasiƙa, aka karanta a haka. Daga baya wani dattijo a ɗakin labarai ya tambaye ni, wa aka aika wa wasiƙar? Kalmar da Hausa ta mayar wasiƙa, a Larabci takarda ce ta hujja ko ta yarjejeniya, ba saƙon da ake aikawa ba. Tun daga ranar, duk kalmar Larabci da na ga na gane ta nan take, ita nake fara tuhuma. Jami'a ma haka: ƙungiyar ƙasashen Larabawa da wannan kalma ake kiranta a Larabci, amma a Hausa jami'a makaranta ce kawai. Daula a can ƙasa ce kowace iri, a nan sai ka tuna da Daular Usmaniyya ko da jin daɗin duniya.

Maganar wa'azi da editanka ya yi tana da tushe na dabam. Akwai kalmomin Larabci da ma'anarsu daidai take, amma muryarsu ta mumbari ce ko ta zauren karatu. Wanda ya ce "shugaban ya yi huɗuba ga al'umma" maimakon "ya yi wa 'yan ƙasa jawabi" ya mayar da fadar gwamnati masallaci, duk da cewa jawabi ma Larabci ce. Bambancin shi ne jawabi ta fita kasuwa, huɗuba ta zauna a masallaci. Mafi nauyi a wannan rukuni ita ce shahada. Kafofin Larabci da yawa suna cewa waɗanda aka kashe a rikici sun yi shahada. Idan ka kwafo haka da muryar gidan jaridarku, ka ɗauki ɓangare. Rubuta "an kashe" ko "sun rasa rayukansu", idan kuma wani jami'i ne ya kira su shahidai, ka jingina masa: ya bayyana su a matsayin shahidai. Haka za ka yi da shari'a. Idan rahoton Turanci yana magana a kan abin da majalisa ta zartar, doka ce. Shari'a a Hausa ko dai zaman kotu, ko shari'ar Musulunci.

Akwai kuma wata hanya da ba a cika lura da ita ba: kalmar Larabci da ta zo maka ta cikin Turanci. Rahoton Turanci zai kawo sunan ƙasa ko birni ko biki yadda Turawa suka saba, alhali Hausa ta san abin tun kafin Turawa su zo. Masar muke cewa, da Alƙahira, da Birnin Ƙudus, da Bahar Maliya, da Habasha. Bikin ƙarshen azumi Ƙaramar Sallah ne, mai jan salla liman ne, mai sarautar Ƙatar ko Kuwait sarki ne. Mayar da irin waɗannan gida yana daga cikin abubuwan da ke sa mai karatu ya manta fassara yake karantawa. Wajen rubuta su kuma akwai tsari da Hausa ta daɗe da kafawa: harafin ƙaf yana zama ƙ kamar a ƙuri'a da haƙƙi, ɗamisa hannu yana zama ɗ kamar a ɗalibi da sharaɗi, lodi yana zama l kamar a alƙali da larura. Dimokuraɗiyya da kanta shaida ce: "ɗ" da "iyya" da ke jikinta sun nuna ta biyo ta Larabci kafin ta iso mana.

To, idan abu sabo ne fil, babu ɗan gida? Kafin ka ara, duba ko wata tsohuwar kalma za ta iya miƙewa ta rufe shi. Haka magabata a wannan aiki suka yi, tun daga zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, zuwa sassan Hausa na gidajen rediyo. Takunkumi abin rufe bakin dabba ne, ya zama matakin da ake ƙaƙaba wa ƙasa. Linzami na doki ne, ya ba mu makami mai linzami. Hawa kujerar na ƙi ya ɗauki aikin ƙasar da ta toshe ƙuduri a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2020, da annobar korona ta zo, cikin 'yan makonni aka samu dokar kulle da killacewa da takunkumin fuska, duk daga kayan gida, aka ari sunan cutar kaɗai. Waɗannan sun karɓu domin gajeru ne kuma suna da hoto a ciki.

Amma miƙa kalma yana da iyaka, kuma a nan na saba da masu tsananin kishi. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kyakkyawan bayani ne, sai dai labarin da zai ambaci abin sau shida ba zai iya ɗaukar wannan tsawo ba, kuma jama'a sun riga sun zaɓi kwamfuta, har da jam'inta kwamfutoci. Idan ka ƙirƙiro kalmar da kai kaɗai ka san ta, ka bar mai karatu a duhu kamar yadda baƙuwar kalma za ta bar shi, ƙari a kan haka ba zai iya tambayar kowa ma'anarta ba. A irin wannan hali ara, amma ka yi mata abu biyu. Na farko, rubuta ta yadda bakin Bahaushe zai furta: a raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali kamar yadda aka yi a firamare da burodi, "p" ta koma "f" kamar a fasinja da famfo, "v" kuma ta koma "b" kamar a direba da biza. Na biyu, a karon farko da ta fito ka bi ta da rabin jimla na bayani, misali "kirifto, wato kuɗin intanet da ba babban bankin wata ƙasa ne ke buga shi ba", daga nan ka ci gaba da kirifto kawai. Kada ka rubuta ta iri biyu a labari ɗaya, kuma ka tambaya ko ɗakin labaranku yana da jerin kalmomin da aka amince da su. In babu, buɗe littafi ka fara tara naka, kana rubuta kalmar da jimlar da ka same ta a ciki.

Wani wuri da za ka yi hattara shi ne inda Hausa take da kalmomi biyu ko uku, kowace daga tushe dabam, kuma sun raba aiki a tsakaninsu. Alƙali tana iya ɗaukar kowane mai yanke hukunci, har na wasan ƙwallo. Majistare matsayi ne takamaimai a tsarin kotunan Najeriya. Mai shari'a kuwa laƙabi ne da ake sa wa alƙalan manyan kotuna gaban sunansu. Idan ka mayar da majistare alƙali ba ka yi ƙarya ba, amma ka zubar da bayanin matakin kotun, wanda a labarin ɗaukaka ƙara shi ne ginshiƙi. Haka muƙaman soja: kofur, saje, manjo, kanar, janar duk aro ne da ya zauna, kuma ba a musanya su da barde ko jarumi don neman Hausa tsantsa. Beli da sammaci ma haka, su ne kalmomin da mutumin da ya taɓa zuwa caji ofis ya sani.

Idan ka gama, karanta labarin da ƙarfi, da saurin mai karanta labarai, ko da a jarida za a buga shi. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, duba kalmar da gwajin jam'i da jinsi. Inda bai yi tuntuɓe ba amma kalmar Larabci ce da ka kwafo kai tsaye daga rahoton, tsaya ka saka ta a wata jimla ta hirar yau da kullum ka ji abin da take nufi a can. In ka samu wanda bai yi boko ba kuma bai yi zurfi a Larabci ba, karanta masa sakin layi na farko ka ce ya maimaita maka abin da ya faru. A labarin kasafin nan, tambaye shi wa zai biya kashi 5 ɗin, ƙasar ko masu ba da bashin. In ya amsa daidai, miƙa wa edita.